Tattakin ma'aikacin ofis a Katsina: minti nawa ke shiga lissafi, kuma yaya ake ƙara masa ƙarfi?

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ma'aikatan da ke wuni a kan kujera: na sakatariya, na banki, malaman jami'a da masu aikin kwamfuta. An rubuta amsoshin ne domin baligi mai ƙoshin lafiya, ko wanda lalurarsa take ƙarƙashin kulawar likita.

Minti nawa ya kamata in yi a rana?

Ka'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 da mako take lissafi, ba da rana ba. Ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki mai matsakaicin ƙarfi a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. Idan ka raba minti 150 a kan ranakun aiki biyar, za ka samu minti 30 a rana, wato rabin awar nan da ake yawan faɗa.

Minti 150 shi ne ƙasan ma'auni. Wanda ke zama tun ƙarfe takwas na safe har la'asar, ya shiga mota ya koma gida ya sake zama, ya kamata idonsa ya kasance a kan 200 zuwa 300 idan jiki ya saba. Amma ba a farawa daga can.

To ai ina yawo a ofis, daga wannan ɗaki zuwa wancan, kuma ina zuwa masallaci da ƙafa. Duk wannan bai shiga lissafi ba?

Yana da amfani, don ya fi zama nesa ba kusa ba. Sai dai mintocin da ka'idar take nufi su ne waɗanda zuciya ta ƙara gudu a cikinsu, numfashi ya ɗan yi sama. Kai fayil ofishin darakta kana tafe kana gaisawa da mutane bai kai wannan matsayi ba. Tafiya zuwa salla ma da natsuwa aka umarce mu mu yi ta, don haka kada ka mayar da ita filin atisaye. Dawowar ce taka. Idan an sallame asuba, maimakon ka yanke ta lungu ka shige gida, ɗauki doguwar hanya ka buɗe ƙafa.

A nan mutane da yawa suke rasa ladan wahalarsu. Za ka ga mutum ya yi wata uku yana fita kullum da yamma shi da abokinsa, suna tafe suna hirar siyasa, hannu a baya, sannan ya ce tattaki bai yi masa komai ba. Ya ba da lokacin, amma saurin bai kai ba.

Yaya zan gane cewa saurina ya kai?

Hanya mafi sauƙi ita ce ta magana. Idan kana tafe kana iya magana jimla bayan jimla amma ba za ka iya rera waƙa ko jan dogon karatu ba tare da numfashi ya katse ka ba, kana kan matsakaicin ƙarfi. Idan kana iya rera baiti cikakke hankali kwance, ƙara sauri. Idan kuma kalma uku ko huɗu kawai kake iya fitarwa kafin ka ja iska, ka shiga mai tsanani.

Hanya ta biyu ita ce ƙirga taku. Ga yawancin manya, taku 100 a minti ɗaya shi ne bakin matsakaicin ƙarfi, wajen taku 130 kuma shi ne bakin mai tsanani. Ba sai ka ƙirga na minti guda cur ba. Duba agogo, ƙirga takunka na daƙiƙa 15, sannan ka ninka sau huɗu. Ka samu 25, kana kan 100 ke nan. Ka samu 21 ko 22, tafiyar kasuwa kake yi. Mai gajeriyar ƙafa zai buƙaci ɗan fin 100 kafin ya ji a jikinsa, dogo kuwa yana iya kaiwa da ɗan ƙasa da haka, shi ya sa ake haɗa ƙirgar da gwajin magana.

Ni wannan ƙirga na fi ba mutane shawara a kai, domin ba ta buƙatar sayen komai kuma ba ta ruɗin mutum. Zufa tana ruɗi. A watan Afrilu a Katsina ko a tsaye kake a inuwa za ka jiƙe, a watan Janairu kuma kana iya yin tafiya mai kyau rigarka a bushe.

Bugun zuciya fa? Ina da agogon da ke nunawa.

Yana taimakawa idan ka san iyakarsa. Lissafin da aka saba shi ne a cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne kimanin ƙololuwar bugun zuciyarka a minti. Matsakaicin ƙarfi yana tsakanin kashi 64 da 76 cikin ɗari na wannan adadi. Ɗan shekara 45 ƙololuwarsa 175 ce, don haka yana neman bugu tsakanin 112 da 133. Marar irin wannan agogo ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ta gefen babban yatsa, ya ƙirga na daƙiƙa 15: tsakanin 28 da 33 ake so.

Kimantawa ce kawai, mutum biyu sa'annin juna suna iya bambanta da bugu goma ko fiye. Sannan wanda ke shan maganin hawan jini irin su atenolol ko propranolol kada ya yi aiki da wannan lissafi ko kaɗan, domin aikin maganin shi ne rage gudun zuciya. Idan ya ce sai ya kai 120 zai wahalar da kansa a banza. Ya tsaya kan gwajin magana.

Dole ne in yi minti 30 ɗin a haɗe?

A'a. A da ana cewa sai tafiyar ta kai minti goma a jere kafin a ƙirga ta, amma ka'idar 2020 ta janye wannan sharaɗi. Minti goma da safe, goma bayan abincin rana, goma da yamma, duk sun zama talatin, muddin kowannensu da sauri aka yi shi.

Wayata tana cewa sai na yi taku 10,000. Gaskiya ne?

Adadin bai fito daga asibiti ba. A 1965 wani kamfani a Japan ya fito da na'urar ƙirga taku, ya tallata ta da taku dubu goma, adadin ya bi duniya. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa amfanin yana farawa tun ƙasa da haka sosai. Wani babban nazari da aka buga a 2022, wanda ya haɗa sakamakon bincike goma sha biyar, ya gano cewa haɗarin mutuwa da wuri yana ta raguwa yayin da taku ke ƙaruwa, har ya daidaita a wajen 8,000 zuwa 10,000 ga 'yan ƙasa da shekara 60, da 6,000 zuwa 8,000 ga waɗanda suka haura.

Ma'anar wannan ga ma'aikaci ita ce, matsawa daga 3,000 zuwa 6,000 ta fi matsawa daga 9,000 zuwa 12,000 riba. Kada wanda ke kan 3,000 ya ga 10,000 ta yi masa nisa ya haƙura gaba ɗaya. Haka ma a ɓangaren mintoci: wani bincike da aka yi a Taiwan a kan mutum sama da 400,000, aka buga a 2011, ya nuna cewa masu motsa jiki na minti 15 kacal a rana sun fi marasa yi tsawon rai da kimanin shekara uku.

A ba ni misali a aikace. Daga ina zan fara, ina zan dosa?

Mu ɗauki ma'aikacin sashen kuɗi ɗan shekara 45, gidansa wajen Ƙofar Ƙaura, yana zuwa aiki a mota, wayarsa tana nuna masa taku 3,500 a rana. Ba shi da ciwon zuciya, amma tumbi ya fara fitowa kuma hawa bene ɗaya yana sa shi haki.

Mako biyun farko zai yi minti 15 ne kawai bayan sallar asuba, kwana biyar a mako. Minti uku na farko a hankali, don gaɓoɓi su saki, sannan ya ɗaga zuwa taku 24 ko 25 a daƙiƙa 15. Hanya mafi sauƙi ita ce ya miƙe na minti takwas ya juyo. Zai ga kamar abin ya yi kaɗan, kuma da gangan aka yi haka. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, amma jijiyoyin agara da tafin ƙafa da ƙwauri suna ɗaukar makonni. Masu farawa da awa guda a ranar farko su ne ke kwanciya da ciwon ƙwauri a rana ta huɗu, daga nan kuma ba su sake fita.

A mako na uku da na huɗu sai ya mayar da ta safe minti 20, ya ƙara minti goma bayan ya ci abincin rana, ko da zagaya harabar ofis ne ta gefen inuwa. Ya kai 30 a rana ke nan, 150 a mako. A mako na biyar da na shida ta safe ta zama minti 30, ta rana tana nan, jimla 200 a mako. Idan ka duba takunsa, minti 30 a kan taku 100 ya ba shi 3,000, minti goman rana ya ba shi 1,000, ga 3,500 ɗinsa na da. Ya kai 7,500 ba tare da ya taɓa sa 10,000 a ransa ba.

Daga nan lokaci ya ƙare masa. Yana da yara da zai kai makaranta, yana da rajistar da zai sa hannu. Ba zai iya ƙara mintoci ba, saura ya ƙara wa mintocin nauyi.

To yaya ake ƙara ƙarfin ba tare da an koma gudu ba?

Abu na farko shi ne yawan taku, ba faɗinsa ba. Mai son sauri yakan miƙa ƙafa can gaba, dunduniya ta daki ƙasa da ƙarfi, wannan kuwa birki yake ja wa jiki kuma yana gajiyar da ƙwauri da gwiwa. Ka bar takun a tsawonsa na ɗabi'a, ka sa shi ya riƙa zuwa da sauri, kana tura ƙasa da yatsun ƙafar baya. Lanƙwasa gwiwar hannu, hannuwa su riƙa kaiwa gaba da baya, ba gefe da gefe ba. Idan hannu ya yi sauri ƙafa za ta bi shi. Kai a ɗage, ido a kan hanya can gaba, waya a aljihu.

Abu na biyu, wanda ya fi kowanne aiki, shi ne sauri da sassauci bi da bi. Masu bincike a Jami'ar Shinshu ta Japan sun gwada wannan tsari a kan manya da dattawa: minti uku na sauri sosai, minti uku a hankali, a maimaita sau biyar, aƙalla kwana huɗu a mako. Bayan wata biyar, masu wannan tsari sun fi masu tafiya da sauri ɗaya samun ƙarfin cinya da juriyar numfashi, hawan jininsu ma ya fi sauka. Duka minti 30 ne, daidai da abin da mutuminmu yake da shi.

Ga yadda zai shigar da shi. A mako na bakwai, cikin kwana biyu daga kwanakinsa biyar, bayan minti biyar na ɗumama jiki, sai ya yi minti ɗaya a kan taku 30 zuwa 32 a daƙiƙa 15, ya sassauta na minti biyu, ya maimaita sau shida. Mako biyu bayan haka ya mayar da saurin minti biyu. Sai ya kai ga uku da uku. Alamar cewa ya yi daidai ita ce, a ƙarshen minti ukun sauri yana ɗokin su ƙare, amma a ƙarshen minti ukun sassauci numfashinsa ya dawo har yana iya sake tashi. Idan a zagaye na uku ya kasa riƙe saurin zagayen farko, ya fara da zafi fiye da kima, gobe ya rage. A lissafin mako, minti ɗaya mai tsanani yana tsayawa a madadin biyu na matsakaici.

Abu na uku shi ne hawa. Katsina shimfiɗaɗɗen gari ne, tudu ba ya samuwa ko'ina, amma matakalar bene tana nan a ofisoshi da yawa. Hawa bene biyu a sauko, sau uku ko huɗu, aiki ne mai tsanani na 'yan mintoci. Tafiya a kan rairayi ma ta fi ta kwalta cin ƙarfi, sai dai mai raunin idon sawu ya bi ta a hankali.

Ƙa'ida guda a nan: abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda. Makon da ka ƙara sauri kada ka ƙara mintoci.

In riƙa ɗaukar ƙarfe a hannu ko in ɗaura nauyi a ƙafa?

Ban ba da shawara ba. Nauyin ƙafa yana sauya yadda kake taku yana jan gwiwa da ƙugu, na hannu kuma yana rage maka saurin da kake nema. Ƙarfafa tsoka aikinsa daban, kuma ka'idar 2020 ta ce a yi shi kwana biyu a mako. Tashi da zama daga kujera ba tare da dafa hannu ba sau goma zuwa goma sha biyar, da tura bango da hannuwa, sun isa mafari.

Idan na yi tattakina da safe, zaman da nake yi sauran yinin ya daina cutarwa?

Ya rage, bai goge ba. Wani nazari da aka buga a 2016 a kan mutum sama da miliyan ɗaya ya nuna cewa masu zaman awa takwas a rana sai da suka kai minti 60 zuwa 75 na motsa jiki kullum kafin ƙarin haɗarin zaman ya ɓace. Ma'aikata kaɗan ne za su iya haka, don haka sai a haɗa da katse zaman. Duk rabin awa ko awa guda ka miƙe na minti biyu ko uku. Amsa waya a tsaye, ka kai takarda da kanka maimakon aiken masinja.

Tafiyar bayan cin abinci tana da nata amfani na musamman. Manyan tsokokin cinya idan suna aiki suna janye suga daga jini, idan kuwa an zauna sai sugan ya taru. Bayan farantin shinkafa da wake ko tuwo da rana, minti goma na tafiya yana rage yadda suga ke hawa, kuma yana rage nauyin jikin nan da ke sa mutum gyangyaɗi a kan tebur.

Wane lokaci ya fi a yanayinmu?

Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yana haura digiri 40, don haka tafiya mai sauri ta bayan asuba ce ko bayan magariba. Ta rana a wannan lokaci a yi ta a baranda ko ƙarƙashin bishiyoyi, a hankali. Sha ruwa kafin ka fita da bayan ka dawo. Fitsari mai duhun rawaya alama ce ta cewa ruwan bai isa ba. Zafi yana ɗaga bugun zuciya ko da saurin bai canja ba, saboda haka idan agogonka ya nuna ƙari a bazara, ka rage sauri.

Da hunturu matsalar ƙura ce da sanyin safiya. Ranar da hazo ya rufe gari, mai asma ko yawan tari ya bar zagayen sauri, ya yi tafiyarsa a cikin gida ko ya jira gari ya washe. A tsawaita ɗumama jiki zuwa minti bakwai ko takwas. Mai fita da duhu a bakin titi ya sa tufa mai haske, ya bi gefen da yake fuskantar motoci da 'yan acaɓa, kuma ya tsaya unguwannin da ya sani masu jama'a.

Da azumi, a bar mai tsanani sai bayan an sha ruwa da awa ɗaya ko biyu, ko bayan asham.

Ni mace ce, fita titi da sassafe ba zai yiwu mini ba. Yaya zan yi?

Hajiya, tsakar gida ta isa. Ƙirgar taku ba ta damu da inda kike ba: taku 25 a daƙiƙa 15, ko kai da komo kike yi tsakanin ƙofar ɗaki da zaure. Ki riƙa sauya ɓangaren da kike juyawa don kada gwiwa ɗaya ta ɗauki nauyin duka. Zagayen sauri da sassauci ma yana yiwuwa a tsaye wuri ɗaya, kina ɗaga gwiwa sama a minti na sauri. A wurin aiki kuma, ku biyu ko uku ku haɗu ku zagaya harabar bayan azahar, da sharaɗin cewa tafiyar ce ke jan hirar. Ki ajiye takalmi mai taushin ƙasa a ƙarƙashin teburinki, domin silifas da mai tsini duka ba su ba da damar sauri.

Tumbina zai sauka?

Zai iya, amma a hankali, kuma sai baki ya taimaka. Mai nauyin kilo 70 yana ƙona kalori wajen 140 a tafiyar minti 30 mai sauri, kwalbar lemo ɗaya kuwa ta kai haka. Wanda ya dawo daga tattaki ya sha kwalbar lemo ya mayar da abin da ya fitar. Sikeli kuma shi ne na ƙarshe wajen nuna canji. Abin da za ka fara gani cikin mako shida zuwa takwas shi ne hanyar da kake ci a minti 30 ta koma 27, benen da ke sa ka haki ya daina, bugun zuciyarka na farkawa daga barci ya ragu. Auna ƙugunka da tef ɗin tela daidai cibiya sau ɗaya a wata, ya fi sikeli faɗin gaskiya.

Yaushe ya kamata in tsaya, ko in ga likita kafin in fara?

Ka tsaya nan take idan ka ji nauyi ko matsi a ƙirji, musamman mai tafiya zuwa hannun hagu, wuya ko muƙamuƙi, ko jiri, ko numfashi ya ƙi dawowa bayan ka huta, ko zuciya tana bugawa ba bisa tsari ba. Wannan na asibiti ne a ranar, ba a jira a gani. Ciwon tsoka da ke zuwa washegari ya tafi cikin kwana biyu ba komai ba ne. Ciwon da ke wuri ɗaya a gwiwa, ƙwauri ko dunduniya, yana ƙaruwa da kowace fita, yana nufin ka koma mintocin makon da ya wuce ka kuma duba takalminka.

Mai ciwon zuciya ko na ƙoda, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, su nemi izinin likita kafin su shiga zagayen sauri. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan glibenclamide kada ya fita da yunwa, ya sa dabino biyu ko uku a aljihu saboda faɗuwar suga, wadda alamunta su ne rawar jiki, zufa mai sanyi da yunwa kwatsam. Ya kuma duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu duk ranar da ya dawo, domin ciwon suga yana rage jin zafi a ƙafa, kuma ƙaramin kumburin takalmi yana iya zama gyambo bai sani ba.